Fasa da Fashe: Aikatau Mai Neman Karɓau da Wanda Ba Ruwansa da Shi

Idan wani ya shigo zaure ya ce "Audu ya zauna," ba wanda zai jira ƙarin bayani, magana ta cika. Amma idan ya ce "Audu ya kama" ya yi shiru, sai kowa ya zuba masa ido. Ya kama me? Ɓarawo, ko kaza, ko hanya? Jimlolin biyu tsawonsu ɗaya, kowacce tana da mai yin aiki da kalmar aiki, amma ɗaya ta tsaya da ƙafarta, ɗayar kuwa tana neman abin da aikin zai faɗa wa.

A nahawun Hausa kalmar aiki ita ce aikatau, mai yin aikin shi ne aikau, wanda aikin ya faɗa wa kuma shi ne karɓau. Aikatau irin su "kama" da "yanka" da "nema", waɗanda ba sa cika sai da karɓau, ana kiran su so-karɓau. Irin su "zauna" da "mutu" da "gudu", waɗanda aikinsu ke ƙarewa a kan mai yin sa, su ne ƙi-karɓau. Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ya san wannan rabon da sunan muta'addi da lazimi.

A makaranta akan koya wa yara wata gajeriyar dabara: ka duba bayan aikatau, in ka ga suna to so-karɓau ne, in ba ka gani ba ƙi-karɓau ne. Dabarar tana aiki a jimlolin allo, amma da an fito da ita cikin maganar yau da kullum sai ta yi ta tuntuɓe. A Hausa amsar ba a maƙwabcin aikatau take ba. Mafi yawanci tana jikin aikatau ɗin kansa, a wasalinsa na ƙarshe da karin sautinsa.

Ba kowane suna ne karɓau ba

Mu ɗauki jimloli uku: "Ladi ta tafi kasuwa," "Baƙo ya kwana uku," "Musa ya faɗi jarrabawa." A kowacce akwai suna ko adadi daf da aikatau, amma babu karɓau ko ɗaya. Ladi ba ta yi wa kasuwa komai ba, can ta nufa. Uku ɗin nan tsawon zaman baƙo ne. Musa kuwa shi ya faɗi, jarrabawa tana nan lafiya lau.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na rarrabewa. Ta farko ita ce a cire sunan a sa wakilin suna, wato "shi" ko "ta" ko "su". "Ya kama ɓarawo" ta koma "ya kama shi," ba wata gargada. Amma ba Bahaushen da zai ce "Ladi ta tafi ta" yana nufin kasuwa. Sai dai ya ce "ta tafi can." Ta biyu ita ce a gwada cusa wata 'yar kalma tsakanin aikatau da sunan. Ana cewa "ta tafi zuwa kasuwa," ana cewa "ya faɗi a jarrabawa," ana cewa "ya shiga cikin gida," ma'ana ba ta motsa ba. Tsakanin "kama" da "ɓarawo" kuwa ba ƙofar da "a" ko "zuwa" za su shiga. Tambaya ma tana taimakawa, domin "ina ta tafi?" ake yi, ba "me ta tafi?" ba.

Tuntuɓe na biyu ta ɗaya gefen yake zuwa. Uwargida ta tambayi maigida da ya dawo daga kasuwa, "Malam, ka sayi gishirin?" Ya ce, "Na saya." Babu komai bayan "saya," amma wannan bai mayar da shi ƙi-karɓau ba. Gishirin yana nan cikin zancen, an dai bar ambatonsa ne saboda su biyun sun san shi. Hausa tana yawan yin haka, musamman idan karɓau ba mutum ba ne. In an ce "Ka ga wasiƙar?" amsa ita ce "Na gani." In kuwa aka ce "Ka ga Binta?" an fi cewa "Na gan ta." Haka nan idan aka ɗauko karɓau aka kawo shi gaba don a ƙarfafa shi, kamar a "Doki na saya" ko "Me ka saya?", bayan aikatau ya zama wayam, alhali karɓau yana cikin jimlar, wuri kawai ya sauya.

Abin lura ke nan: so-karɓau shi ne aikatau da ke da gurbin karɓau, ko an cike gurbin ko an bar shi. Ƙi-karɓau kuwa gurbin ne ba shi da shi sam. Wanda ya ce "na saya" ana iya tambayarsa "me?", wanda ya ce "na gaji" ba a yi masa wannan tambayar.

Wutsiyar aikatau tana magana

Misalin "saya" ya tono wani abu. A tambayar uwargida "sayi" ne, a amsar maigida "saya" ne, da kuwa ya sa wakilin suna da "saye shi" zai ce. Aikatau ɗaya, wutsiya uku, kuma abin da ke biye da shi ne ke zaɓar wutsiyar: "-i" kafin suna, "-e" kafin wakilin suna, "-a" in ba komai. Haka "nema" yake yi: na nemi aiki, na neme shi, na nema. Haka "ɗauka" da "karɓa" da "tambaya" da "zaɓa" da "kora". Karin maganar nan ta "gani ya kori ji" ta bi wannan ƙa'ida daidai, domin "ji" a nan suna ne, shi ya sa ba a ce "kora" ba. Yaron da ya tashi cikin Hausa ba ya kuskuren wannan, amma baƙon harshe yakan daɗe yana cewa "na saya mota" kafin kunnensa ya gyaru.

Masanin da ya fara tsara wannan al'amari sosai shi ne F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan. A 1960 ya fitar da nazarin da ya kasa aikatan Hausa rukuni bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Ɗaliban Hausa a jami'o'i suna kiran rukunan giredi. Daga baya aka ware rukuni na sifiri domin gajerun aikatau irin su "ci" da "sha" da "yi", kamar yadda Paul Newman ya yi a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000.

Ba sai mai karatu ya haddace bakwai ɗin ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne huɗu daga cikinsu sun riga sun yanke hukunci. Rukuni na 2, wato na "saya, sayi, saye", na so-karɓau ne. Rukuni na 3 na ƙi-karɓau ne, a nan ake samun "fita" da "shiga" da "sauka" da "haƙura" da "fusata". Rukuni na 5, mai ƙarewa da "-ar" yana jan "da", na so-karɓau ne: fitar da, shigar da, tsayar da. Rukuni na 7, mai ƙarewa da "-u", na ƙi-karɓau ne: dafu, gyaru, taru, auku. Saura uku, wato na 1 mai "-a", da na 4 mai "-e", da na 6 mai "-o", su ne gidan haɗaka. A rukuni na 1 akwai "dafa" mai son karɓau, akwai "tsaya" mai ƙin sa. A na 4 akwai "kashe", akwai "bushe". A na 6 akwai "kawo", akwai "dawo".

Wannan tsari ne ya ba Hausa hanyar mayar da ƙi-karɓau ya zama so-karɓau, ko akasin haka, ba tare da neman sabuwar kalma ba. Mota ta tsaya, ɗan sanda ya tsayar da mota. Baƙo ya sauka, maigida ya saukar da baƙo. Larabci ma yana da irin wannan dabarar, inda "nazala" ke nufin ya sauka, "anzala" kuma ya saukar, sai dai shi a goshin kalma yake ƙarin, Hausa kuwa a wutsiya. Ta ɗaya hannun, "tara" ya koma "taru", "raba" ya koma "rabu": sarki ya tara jama'a, jama'a ta taru.

Saiwa ɗaya a rumfar mai manja

Don a ga abin da kyau, bari mu bi saiwa guda, "zub-", a rumfar wata mai sayar da manja.

Mai saye ya miƙa kwalba, sai ta ɗauki mazurari "ta zuba manja a kwalba." Wannan rukuni na 1 ne, so-karɓau, manja ne karɓau. Can sai yarinyarta ta hango gindin jarka ya jiƙe ta ce, "Inna, manja yana zuba." Yanzu manja ya zama shi ne kan jimla, ba wanda ya zuba shi, jarka ce ta tsage. Wannan "zuba" na rukuni na 3 ne, ƙi-karɓau. A rubuce kamar na farko yake, amma a baki muryar daga ƙasa take farawa ta hau, alhali na farkon daga sama yake farawa ya sauka.

In ba a farga da wuri ba har jarkar ta zama fanko, sai a ce "manja ya zube." Rukuni na 4 ke nan, ƙi-karɓau a nan, kuma ya ƙara ma'anar cewa duka ya tafi. In kuma manjan ne ya lalace ta ga ba ya sayuwa, ta kai shi bayan rumfa ta juye, to "ta zubar da manja." Rukuni na 5, so-karɓau, da ma'anar rabuwa da abu. Bambancin "ta zuba" da "ta zubar" ba ƙarami ba ne ga mai jari: na farko ciniki ne, na biyu asara.

Saura "zubo". Mai saye yana iya cewa "Hajiya, zubo mini na ɗari biyar," a nan akwai karɓau. Idan kuwa jarkar tana kan kanta ta karkace, "manja ya zubo" a kan mutane, a nan babu. Kalma ɗaya, lafazi ɗaya, aiki biyu. Daga cikin surori biyar da muka gani, "zubo" ne ya yi aiki biyu a gabanmu ba tare da ya sauya komai a jikinsa ba. Kuma rabon nan yana bin saiwar har cikin maganar da ba ruwanta da manja, domin ana cewa "ya zubar da mutuncinsa," ana cewa "mutuncinsa ya zube."

Tagwayen da rubutu ya haɗa

"Zuba" guda biyun nan sun kai mu ga inda ake yawan ruɗewa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Saboda haka akwai aikatau bibbiyu da ke fitowa da kama ɗaya a takarda, har mutum ya ɗauka aikatau ɗaya ne mai aiki biyu, alhali kunne ya san biyu ne.

"Tulu ya cika" da "Ladi ta cika tulu" misali ne. Na farko ƙasa-sama ake furta shi, na biyu sama-ƙasa. Haka "ruwa ya tafasa" da "ta tafasa ruwa". A "kuɗi ya ɓata" gaɓar farko gajeriya ce, ma'anar kuma an neme shi an rasa. A "ya ɓata kuɗi" gaɓar farko doguwa ce, ma'anar ya kashe shi a banza. Shi wannan "ɓata" mai dogon wasali abokinsa na ƙi-karɓau "ɓaci" ne, shi ya sa ake cewa "ya ɓata mini rai" amma "raina ya ɓaci." Sai kuma "faɗi". A "ya faɗi ƙasa" an ja "fa" ɗin, a "ya faɗi gaskiya" ba a ja ba, kuma wannan na biyun ɗan rukuni na 2 ne, tunda ana cewa "ya faɗe ta," ana cewa "ya faɗa."

Ba kowa ke iya tantance sama da ƙasa a muryarsa ba, ko da yana furta su daidai. Ga wanda hakan ke yi wa wuya akwai gwajin da ido ma yana gani: a mayar da jimlar ta koma aikin da ake cikin yi, sannan a cire karɓau. "Tulu yana cika," amma "Ladi tana cikawa." "Ruwa yana tafasa," amma "tana tafasawa." "Manja yana zuba," amma "tana zubawa." Ɗan rukuni na 1 yana ɗaukar "-wa" idan ba karɓau a bayansa, ya ajiye ta idan karɓau ya zo, kamar a "tana cika tulu." Ɗan rukuni na 3 kuwa ba ya ɗaukar ta. Duk inda tagwaye suka rabu a wannan gwaji, kalmomi biyu ne, ba ɗaya ba.

Masu aiki biyu na gaskiya

Bayan an tace waɗancan, sai a ga masu aiki biyu na ainihi, kuma da yawansu 'yan rukuni na 4 ne. "Wuta ta ƙone rumbu," "rumbu ya ƙone." "Hukuma ta rushe gini," "gini ya rushe." "Akuya ta tsinke igiya," "igiya ta tsinke." "Mun ƙare aiki," "aiki ya ƙare." "Shara ta toshe kwata," "kwata ta toshe." A gwajin "-wa" ba sa rabuwa: rumbu yana ƙonewa, mai ƙona takardu ma yana ƙonewa. Abin da ya haɗa su shi ne duk suna bayyana sauyin da ke samun abu, kuma sauyin yana iya zuwa ta hannun wani, yana iya zuwa da kansa. Karɓau na jimlar farko shi ne ke komawa kan jimla ta biyu.

Wannan ne ya sa "yanka" da "kashe" ba sa shiga sahunsu. Rago ba ya yanka kansa, dole akwai mai wuƙa, saboda haka "rago ya yanka" ba ta ba da ma'anar an yanka rago. Sai a ce "an yanka" ko "ya yanku." Ga "kashe" kuwa Hausa ta ware wata kalma dabam, wato "mutu".

Masu aiki biyu suna iya jawo rashin fahimta idan aka datse magana. "Audu ya ƙone" labari ne mai tayar da hankali idan shi kaɗai aka ji. Amma in amsa ce ga wanda ya tambaya "Ina tsofaffin takardun nan?", to Audu lafiyarsa ƙalau, takardu ne suka zama toka. A baki zancen da ya gabata yana warware wannan. A kanun labari ko gajeren saƙon waya, inda babu abin da ya gabata, gara a sa karɓau ko wakilinsa a ce "ya ƙone su."

Akwai iri na biyu, inda mai aikin ba ya sauyawa. "Mota ta wuce" da "mota ta wuce mu" duk motar ce ke tafiya, ƙarin kawai shi ne an ambaci wanda ta bari a baya. Bambancinsa da "na saya" shi ne "mota ta wuce" cikakkiya ce ko ba a taɓa ambaton kowa ba.

Iri na uku ya fi kowanne daɗin sha'ani, domin a nan ma'ana ce ke juyawa idan karɓau ya fita. "Kama" da muka san shi da neman karɓau yana sakin sa a "wuta ta kama," da "azumi ya kama," da "dashe ya kama." Ba a tambayar azumi me ya kama, nufin shi ne ya fara. "Ci" yana yin haka a "kasuwa ta ci" da "magani ya ci" da "fitila tana ci." Haka "yi" a "dare ya yi," da "lokaci ya yi," da "miya ta yi." Idan aka lura za a ga kan jimlar a duk waɗannan ba mutum ba ne. Da mutum ne, kamar a "Audu ya ci," sai kunne ya koma neman abin da aka ci, tuwo ko zaɓe ko jarrabawa. Wato ga waɗannan aikatau ba a yanke hukunci sai an ga jimla. "Ci" shi kaɗai ba so-karɓau ba ne, ba ƙi-karɓau ba ne, sai an san wa ya ci.

Zaɓin da ke ɗora laifi ko ya sauke shi

Ingilishi yakan yi amfani da kalma ɗaya inda Hausa ke da "fasa" da "fashe", ko "karya" da "karye". Tunda Hausa ta raba su, mai magana dole ya zaɓa, kuma zaɓin yana faɗin wanda za a tuhuma. Kowane gida ya san wannan shari'ar. An ji ƙara daga madafa, uwa ta leƙo.

"Ke Hadiza, me na ji?"

"Umma, tangaran ne ya fashe."

"Ya fashe, ko kin fasa?"

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, tangaran ya fashe ɗin. Ta dai zaɓi aikatau da ba shi da gurbin mai laifi. Uwar kuma ba ta musa labarin ba, wasali ɗaya ta sauya ta dawo da aikau cikin jimla. Tsakanin biyun akwai hanya ta uku, wato "an fasa tangaran." Wannan so-karɓau ne, ya yarda akwai hannun mutum, amma ya ɓoye sunansa. Mai rubuta labari yana bukatar ya riƙe wannan da kyau. "Gini ya rushe" yana sa mai karatu ya yi tunanin ruwan sama ko rashin ingancin siminti. "An rushe gini" yana cewa wani ne ya ba da umarni. Mai fassara daga wani harshe da ya ɗauki ɗaya a wurin ɗaya ya sauya labarin gaba ɗaya.

Rukuni na 7 yana da nasa aikin a nan. Mutum ya je garejin bakanike ya tarar da motarsa a buɗe, sai yaron shago ya ce, "Alhaji, ai an gyara." Alhajin da ya san kan magana zai ce, "Na ji an gyara, amma ta gyaru?" "An gyara" shaida ce cewa an taɓa aikin. "Ta gyaru" shaida ce cewa aikin ya kai inda ake so. Haka "an dafa nama" da "nama ya dafu." In kuma aka kai wannan rukunin ga aikin da ake cikin yi, musamman da korewa, sai ya ba da ma'anar yiwuwa: "injin nan ba ya gyaruwa," "ƙofar ba ta buɗuwa," "maganar ba ta faɗuwa." Duk ƙi-karɓau ne, amma ba kamar "fashe" ba, domin kowannensu yana nuna akwai wanda ya gwada ko zai gwada.

Inda iyaka ta yi duhu, da abin da ya shafi alƙalami

Akwai wurin da rabon biyu ba ya zama cif. Aikatau da yawa suna isa ga abin da suka shafa ta hanyar "da": ya lura da yaro, ta kula da gida, sun gamu da baƙo, ya rabu da ita. A ma'ana yaro da gida kamar karɓau suke. A tsari kuwa ba su zauna daf da aikatau ba, kuma wakilin sunan da ke zuwa ba irin na karɓau ba ne: "ya kama ta" ake cewa, amma "ya lura da ita." Hasali ma ƙi-karɓau tsantsa yana iya jan wannan "da" ɗin, kamar a "ya zo da kaya" ko "ɓarawo ya gudu da akuya," kuma ba wanda zai ce "gudu" ya zama so-karɓau saboda haka.

To ina matsayin "fitar da"? Shi ma "da ita" yake ɗauka. Abin da ya raba shi da "gudu da" shi ne abin da ke faruwa idan an cire komai. "Ya gudu" cikakkiyar magana ce. "Ya fitar" kuwa tana barin mai sauraro da tambayar "me?", kamar dai "na saya." Ƙari a kan haka, rukunin yana da wata tsohuwar sura da ke ɗaukar wakilin suna kai-tsaye, wadda har yanzu ake ji a "ya fisshe shi" da "na gaishe ka." Shi ya sa ake lissafa shi cikin so-karɓau duk da "da" ɗin da ke tsakani.

Sanin wannan rabon yana gyara wani kuskuren rubutu da ya cika allunan talla da saƙonnin waya. Wakilin sunan da ke matsayin karɓau kalma ce mai zaman kanta, a ware ake rubuta ta: "ya kama shi," "ta neme mu," "na gan ka," ba "kamashi" ko "nememu" ba. Amma 'yan rukuni na 2, idan aka zo aikin da ake cikin yi, suna rikiɗa su zama suna, sai su ɗauki "-n" ko "-r" ta mallaka: "yana neman aiki," "tana tambayar hanya." A nan wakilin sunan na mallaka ne, a haɗe yake: "yana nemansa," "tana tambayarmu." Mai rubutun da ya yi shakka sai ya duba ko akwai wannan "-n" ko "-r" kafin wakilin sunan. In akwai ya haɗa, in babu ya raba. Da haka "ya neme ta" da "yana nemanta" kowanne zai zauna a inda ya dace, a ware na farko, a haɗe na biyu.